Akwatin cajin waya da ke ƙonewa da zarar an kunna shi: nazarin lilon boltej a kewayen RLC na jere

Asalin lamarin

Wani ƙaramin shagon haɗa kayan lantarki a Kano yana ƙera akwatunan cajin waya, yana sayar wa masu sana'ar caji da ke amfani da sola. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Batura biyu masu bolt 12 a jere suna ba da bolt 24 a suna, amma idan sun cika suna hutawa mita kan nuna kusan bolt 25. Daga baturan akwai waya mai silli biyu, tsawonta mita 3, kaurinta milimita murabba'i 2.5, sai fiyus mai amfiya 10, sai makunni, sannan allon da ke sauke boltej zuwa bolt 5 domin ramukan caji. Idan an cika ramukan, allon yana fitar da kusan wat 40. Takardar bayanin aisin da ke kan allon, wato ɗan ƙaramin guntun lantarkin da ke sauke boltejin, ta ce iyakar abin da zai jure a ƙafar shigar wuta bolt 40 ne.

A tsohon tsarin akwai kafasita elektrolitik mai maikrofarad 100 a bakin shigar wuta. Matsalarta zafi: cikin akwatin ƙarfe a rufe, a bazara, takan kumbura ta bushe bayan an daɗe ana aiki da ita. Don haka a watan Janairu mai shagon ya cire ta daga sabon allo, ya maye gurbinta da ƙananan kafasitocin seramik waɗanda jimillarsu a aikace ta kama maikrofarad 10. Ba sa bushewa, ba sa cin wuri, kuma suna tace ƙarar da allon ke yi fiye da tsohuwar. An gwada sababbin alluna a kan teburin aiki da na'urar ba da wuta ta gwaji, an ɗora musu cikakken kaya na awanni, duk suka wuce lafiya. An sayar da akwatuna 12.

Fabrairu: akwatuna sun fara dawowa

Cikin mako uku akwatuna 5 suka dawo, dukkansu da ciwo iri ɗaya: aisin ya mutu, ƙafar shigar wutarsa ta haɗe da ƙasa, a wasu kuma fiyus ya tsinke daga baya saboda wannan haɗewar. Da aka tambayi masu su, bayaninsu ya zo ɗaya a kan abu guda. Babu akwatin da ya mutu yana tsakiyar aiki. Kowanne ya mutu ne a daidai lokacin da aka danna makunni, ko aka mayar da kan waya jikin batir. Huɗu daga cikin biyar ɗin da rana abin ya faru, lokacin da sola ke cajin baturan.

An auna boltej a shagunan da abin ya faru. Da safe bolt 25, da tsakar rana ana caji bolt 28.8, da dare ya sauka wajen 23.5. Babu ko ɗaya da ya kusanci 40.

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris: abin da aka gwada bai yi ba

Zargin farko ya faɗa kan aisin, aka ce jabu ne. An sayo wasu daga wani dilan daban aka sauya. Biyu daga cikinsu suka sake mutuwa ta hanya ɗaya, ɗaya ma a gaban yaron shagon da ya kai akwatin, a kunnawa ta uku.

Zargi na biyu ya koma kan waya. An ce ta yi siriri, tana hana wuta isa yadda ya kamata. A shago ɗaya aka cire mai kauri 2.5 aka sa mai kauri 6. Akwatin wannan shagon bai kai mako ba ya dawo.

Na uku, aka ninka kafasitocin seramik, daga maikrofarad 10 zuwa 20, da tunanin cewa kafasita mai yawa za ta shanye duk wani bugu da ke shigowa. Akwatunan da aka yi wa haka sun fi daɗewa, amma ɗaya ya mutu da rana tsaka. Mai shagon ya dakatar da sayarwa, ya nemi wani malamin fasahar lantarki da ke da osiloskof, na'urar da ke zana hoton yadda boltej ke hawa da sauka, ya zo ya duba.

Makon farko na Afrilu: abin da osiloskof ya nuna

Malamin bai yarda a yi gwajin da na'urar tebur ba. Ya sa aka kawo batura biyu, da ainihin waya mai mita 3 daga ɗaya daga cikin shagunan, da fiyus ɗin da makunnin. Dalilinsa shi ne na'urar tebur tana tayar da boltej a hankali cikin milisakan masu yawa, tana kuma taƙaita kwararar wuta. Batir ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun. Da zarar ƙarfen makunni ya taɓa ɗan'uwansa, bolt 25 sun sauka a kan kewayen gaba ɗaya a take.

An cire aisin daga allon don kada a ƙara asara, aka bar kafasitocin maikrofarad 10. Cire shi bai canza abin da ake son gani ba, domin aisin ba ya fara jan wuta sai bayan milisakan ɗaya ko fiye, alhali abin da ake nema yana farawa ya ƙare kafin nan. An ɗora tsinken awo a kan ƙafafun kafasitar kai tsaye, da gajeriyar wayar ƙasa, domin doguwar wayar ƙasa ta tsinken kan ƙara nata lilon a kan hoto ta ruɗa mai dubawa. An saita na'urar a kan kamu ɗaya, wato `SINGLE`, ta kama idan boltej ya haura bolt 5, kowane gida a tsaye bolt 10, kowane gida a kwance maikrosakan 20.

Da aka danna makunni, layin bai tsaya a 25 ba. Ya haura har bolt 43, ya gangaro zuwa kusan 12, ya sake hawa zuwa 35, ya sauko, ya hau zuwa 30, yana ta raguwa har ya kwanta a kan 25 bayan kusan maikrosakan 200. Tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa maikrosakan 31.5 ne, wato lilo kusan dubu 32 a sakan ɗaya. Mitar hannu tana sabunta karatunta sau biyu ko uku ne a sakan, kuma matsakaici take nunawa, don haka babu yadda za a yi ta ga abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba.

Fitar da kewayen a takarda

A kan allon babu koyil a hanyar shigar wuta, shi ya sa babu wanda ya kawo lilo a ransa. Amma sillin waya biyu, mai kai wuta da mai dawo da ita, zobe ne guda, kuma duk zoben da wuta ke bi yana tara ƙarfi a filin maganaɗisu. Wannan shi ne L na kewayen. Kafasitar ita ce C. Turjiyar waya da ta cikin batir da ta fiyus da makunni su ne R. Dukkansu a jere suke, wutar da ta bi ɗaya ita ce ke bin sauran. Idan aka tara boltej a zagayen, aka tuna cewa wutar da ke shiga kafasita ita ce C sau saurin canjin boltejinta, ana samun lissafi mai mataki biyu, inda v ke nufin boltejin kafasita, V kuma boltejin batir:

```
LC·v'' + RC·v' + v = V
s² + (R/L)·s + 1/(LC) = 0
s = −α ± √(α² − ω0²)
α = R/(2L)      ω0 = 1/√(LC)
```

Lambobi biyu ne ke jayayya a nan. Ita ω0 tana faɗin saurin da L da C ke miƙa wa juna ƙarfi in babu mai hana su. Ita kuwa α tana faɗin saurin da R ke mayar da wannan ƙarfin zafi. Abin da ke ƙarƙashin alamar tushe shi ke yanke hukunci. Idan α ta fi ω0, tushen biyu, wato amsoshin s guda biyu, lambobi ne na zahiri mabambanta, boltej ya hau a hankali ya tsaya ba tare da ya wuce ba, a nan dakushewa ta wuce kima. Idan sun yi daidai, tushen biyu sun zama ɗaya, kewayen yana kan iyaka. Idan α ta gaza ω0, abin da ke ƙarƙashin tushe ya koma ƙasa da sifili, amsar ta zo da sayin da kosayin, kewayen ya yi lilo. William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya fitar da wannan sharaɗin tun 1853 lokacin da yake nazarin yadda tulun Leyden, wata irin kafasita ta zamanin da, ke sauke cajinsa.

Ga mai aiki da hannu, ya fi sauƙi a mayar da sharaɗin zuwa om, domin om ake aunawa kuma om ake saya. A nan Rc ita ce turjiyar iyaka, ζ kuma ma'aunin dakushewa:

```
Rc = 2·√(L/C)
ζ = R/Rc = α/ω0
ζ < 1 : lilo     ζ = 1 : kan iyaka     ζ > 1 : babu lilo
```

An san C. Tazarar da ke tsakanin ƙololuwa ta ba da L, domin idan dakushewa kaɗan ce, tsawon zagaye ɗaya kusan `2π√(LC)` ne. Da maikrosakan 31.5 da maikrofarad 10, L ta fito maikrohenri 2.5, wato ƙasa kaɗan da maikrohenri ɗaya a kowace mita, abin da ake tsammani ga waya biyu da ba a murɗe su tare ba. Daga nan √(L/C) ta zama om 0.5, turjiyar iyaka Rc kuma om 1 cif. Duk turjiyar da ta gaza om 1 a wannan kewayen za ta bar shi ya yi lilo.

Saura R. An samo ta ta hanya biyu don a tabbatar. Ta farko tarawa ce: mita 6 na tagulla mai kauri 2.5, zuwa da dawowa, kusan om 0.04 ne, batura da fiyus da makunni da mahaɗai suka ƙara kusan 0.06, jimilla 0.1. Ta biyu daga hoton osiloskof ne. Ƙololuwar farko ta ɗara 25 da bolt 18, ta biyu da bolt 10. Idan aka ɗauki `ln(18/10)`, wato 0.59, aka raba da 2π, ana samun ζ kusan 0.09, wanda ke nufin R kusan om 0.09. Hanyoyin biyu sun haɗu. Abin lura a nan shi ne ana auna tsawon ƙololuwa ne daga inda layin zai kwanta, daga 25, ba daga sifili ba. Wanda ya raba 43 da 35 zai sami amsar da ba ta da alaƙa da kewayen.

Da ζ = 0.1, yawan wuce gona da iri na ƙololuwar farko yana fitowa daga nan:

```
wucewa = exp(−π·ζ/√(1 − ζ²))
ζ = 0.1  →  0.73  →  25 × 1.73 ≈ 43 V
```

Yadda kafasita ke kaiwa 43 daga batir mai 25 yana da sauƙin bi idan aka lura da wutar maimakon boltej. A lokacin da aka kunna, kafasitar fanko ce, don haka bolt 25 ɗin duk suna kan L, wuta ta fara ƙaruwa. Muddin kafasitar ba ta kusa 25 ba, batir yana ci gaba da ingiza wutar tana ƙaruwa. A daidai lokacin da kafasitar ta kusa 25, bayan kusan maikrosakan 7, wutar tana kan ganiyarta, kimanin amfiya 43. L ba ta barin wuta ta tsaya farat ɗaya, sai ta ci gaba da tura caji cikin kafasitar har ƙarfin da ta tara ya ƙare. Kamar guga ne a bakin igiya: idan aka ja shi gefe aka saki, ba ya tsayawa a tsakiya, sai ya wuce zuwa ɗaya gefen. In babu turjiya sam, kafasitar za ta kai ninki biyu, bolt 50. Fiyus mai amfiya 10 bai ji wannan amfiya 43 ba, domin kafin zarensa ya yi ɗumi an gama.

Mako na biyu na Afrilu: gwada yanayi uku na dakushewa

Kafin a zaɓi magani, malamin ya sa aka riƙa saka rizisto a jere da wayar, ana kunnawa ana ɗaukar hoto, ana sauke cajin kafasitar tsakanin gwaji da gwaji. Wannan saukewar tana da muhimmanci. Idan kafasitar ta riƙe bolt 20 daga gwajin baya, bugun da za ta gani bolt 5 ne kawai, hoton ya fito a kwance, mutum ya ɗauka ya yi maganin abin.

Da aka ƙara om 0.39, jimilla ta zama kusan 0.5, ζ ta zama 0.5. Layin ya haura zuwa bolt 29, ya ɗan nutse ƙasa da 25 sau ɗaya, ya kwanta. Har yanzu lilo ne a lissafi, amma ido ƙololuwa ɗaya yake gani sosai.

Da aka sa om 0.91, jimilla ta kai om 1, kan iyaka. Layin ya fara a kwance na ɗan lokaci, ya miƙe, ya lanƙwasa ya shiga 25 daga ƙasa ba tare da ya tsallake ba. Ya kai kashi 98 cikin ɗari a maikrosakan 29, kuma ganiyar wutar kusan amfiya 18 ce. A cikin duk yanayin da ba ya wuce gona da iri, wannan ne mafi sauri.

Da aka sa om 4.7, ζ ta kai 4.8. Babu lilo, amma hawan ya yi nauyi, sai da ya ɗauki kusan maikrosakan 190 kafin ya kai kashi 98. A nan tushen biyu sun yi nisa da juna: ɗaya kusan −1,900,000, wanda ke ɓacewa kafin a gan shi, ɗayan kusan −21,000, shi ne ke jan hoton. Girman wannan na biyun kusan daidai yake da 1/(RC), ma'ana idan turjiya ta yi yawa haka L ta daina tasiri, kewayen ya koma tamkar rizisto da kafasita kawai. Lokacin kwanciyarsa ya zo kusan ɗaya da na kewayen da ke lilo a ζ = 0.1, ɗaya ya ɓata lokacin a kai da kawo, ɗayan a rarrafe.

Ƙarshen Afrilu: rizisto a jere, da abin da ya biyo baya

Tunda om 0.91 ta kashe lilon, ita aka fara sakawa a akwati ɗaya aka mayar da aisin. Bai mutu ba. Sai dai duk wutar da allon ke ja tana bi ta cikin riziston. A cikakken kaya allon yana jan kusan amfiya 1.8, don haka riziston yana cin bolt 1.6, yana ƙona kusan wat 3 muddin ana caji. Mai wat 5 da aka sa ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, a cikin akwatin da tun farko zafi ne ya sa aka canza tsarinsa. An cire shi.

Abin da ake buƙata shi ne turjiyar da lilon zai gani amma wutar aiki ba za ta bi ta ciki ba. Hanyar ita ce a sa ta a reshe na gefe, a jere da wata babbar kafasita, reshen kuma a haɗa shi kafaɗa da kafaɗa da seramik ɗin. Babbar kafasitar tana tare wutar da ba ta canzawa, amma ga lilo mai saurin dubu 32 a sakan kusan buɗaɗɗiyar hanya ce, sai lilon ya tarar da turjiyar ya mutu a kanta. Ƙa'idar da masu ƙira ke bi ita ce babbar kafasitar ta ninka ƙaramar aƙalla sau huɗu, turjiyar kuma ta kusanci √(L/C), wanda a nan om 0.5 ne.

Kafasita elektrolitik ta yau da kullum tana zuwa da wannan turjiyar a cikinta, abin da mitar awonta ke nunawa da `ESR`. An auna wata mai maikrofarad 100, bolt 63, ta nuna kusan om 0.5. Aka lika ta kusa da seramik ɗin, aka maimaita gwajin da batura da waya mai mita 3. Layin ya hau zuwa kusan bolt 25.5 ya kwanta. An gwada da baturan suna kan caji a 28.8, ƙololuwar ba ta kai 30 ba. Wannan sabon kewayen yana da ma'ajiyar ƙarfi uku, L da kafasita biyu, don haka lissafin Rc ba ya aiki a kansa kai tsaye. Yana ba da girman turjiyar da za a nema, hoton osiloskof kuma shi ke tabbatarwa.

An kuma gwada wata kafasita mai maikrofarad 100 daga cikin masu ƙarancin turjiya, wadda ta nuna om 0.03. Da ita layin ya haura zuwa kusan bolt 31. Aisin zai tsira, amma lilon ya dawo, domin abin da ake nema daga kafasitar shi ne ainihin abin da masu ƙera ta suka rage. Saboda haka, kuma saboda turjiyar elektrolitik tana raguwa idan ta yi zafi tana ƙaruwa idan ta tsufa, a alluna na gaba aka zaɓi mai ƙarancin turjiyar, mai jure zafin digiri 105, aka haɗa ta a jere da rizisto mai om 0.47, wat 2. Ta haka adadin ba ya dogara da yanayin ranar.

Mayu zuwa Yuli: sakamako

An dawo da akwatunan 12 aka yi musu wannan gyaran. Kowanne an kunna shi sau da yawa a kan batura masu cikakken caji, ana sauke kafasita tsakani, ana duba ƙololuwa kafin a mayar wa mai shi. Har ƙarshen Yuli babu wanda ya dawo da mataccen aisi. Gwajin kunnawa da batir da doguwar waya ya shiga jerin abin da ake yi wa kowane allo kafin ya bar shagon.

Abin da lambobin suka nuna game da kowane mataki

Tsohon allon bai taɓa yin wannan ciwon ba saboda kafasitarsa tana aiki biyu, ɗaya an sani, ɗaya ba a sani ba. Da maikrofarad 100 da maikrohenri 2.5, Rc om 0.32 ce kawai, jimillar turjiya kuwa da ta cikin kafasitar om 0.6, wato ζ kusan 1.9. Sauya ta da seramik ya taɓa lissafin ta gefe biyu a lokaci guda: C ta ragu sau goma, wanda ya ɗaga Rc zuwa om 1, R kuma ta faɗi daga 0.6 zuwa 0.1. Zaɓin seramik ɗin yana da hujja mai kyau. Kuskuren yana wajen gwaji, da aka yi da tushen wutar da ba ya iya bugun kewayen kamar yadda batir ke yi.

Sauya aisi ba zai taɓa yin magani ba, domin na gaske ma bolt 40 ce iyakarsa. Wucewar kuma kaso ce ta boltejin batir a lokacin kunnawa: 1.73 sau 23.5 ya ba da kusan 41 da dare, sau 25 ya ba da 43, sau 28.8 ya ba da kusan 50 da rana. Aisi yakan jure ɗan abin da ya ɗara iyakarsa na wasu lokuta, shi ya sa wasu akwatunan suka yi makonni, kuma shi ya sa yawancin mutuwar ta faru da rana.

Waya mai kauri ta ƙara dagula lamarin. Ta rage turjiyar tagulla daga om 0.04 zuwa ƙasa da 0.02, L kuwa kusan tana nan yadda take, sai ζ ta sauka zuwa kusan 0.08, ƙololuwar ta tashi zuwa kusan bolt 45. Gajarta wayar ma da an gwada ba za ta wadatar ba, domin tana rage L da R tare. A mita ɗaya ζ tana wajen 0.13 ne, ƙololuwar tana sama da 41.

Ninka seramik yana kan hanya amma bai isa ba, domin ζ tana ƙaruwa ne da tushen C. Ninki biyu ya kai ta 0.14 kawai, ƙololuwar ta sauka zuwa bolt 41 a kan batir mai 25, ta kuma haura 47 da rana. Don a kai kan iyaka da om 0.1 ta wannan hanyar, sai C ta kai `4L/R²`, wato maikrofarad 1,000 na seramik, abin da ba shi da ma'ana a kuɗi ko a wuri.

Akwai iyaka ɗaya ga duk wannan lissafin da ya kamata mai ƙira ya riƙe. An ɗauki C a matsayin adadi tsayayye, alhali seramik irin X5R da X7R ƙarfin ajiyarsu yana raguwa yayin da boltej ke hawa a kansu, wani lokaci ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka rubuta. Wutar da L ke turawa sai ta tarar da kafasitar da ta ƙanƙance a daidai lokacin da boltej ke sama, ƙololuwar ta zarce abin da lissafi ya faɗa, har ta iya wuce ninki biyu na batir. Saboda haka adadin da za a sa a lissafi shi ne wanda takardar kafasitar ta nuna a boltejin aiki, kuma ƙololuwar da za a gwada da iyakar aisin ita ce wadda aka gani a osiloskof, da batir a kan caji, da wayar da za a yi aiki da ita.